Bankin ya gyara takardar, amma sai da na gano kuskuren da kaina

Na ƙulla yarjejeniyar canji ta gaba da bankina, wato a tsayar da farashi yau, a yi musayar kuɗin nan da wata uku. Akwai Yuro 200,000 da zan biya mai kawo mana kaya ranar 12 ga Yuni, kuɗin hannuna kuma Dala ne. Ranar Talata 12 ga Maris muka yi magana da dillalin bankin ta waya. Farashin nan take 1.0920 ne, ya ɗora maki 40 na jinkirin wata uku, muka tsaya a 1.0960. Wallahi mutumin ya iya magana, bai ja ni da ciniki ba, kafin a tashi aiki takardar tabbatarwa ta shigo imel. Har na fara yabonsu a zuciya.

Layin farko lafiya lau: EUR/USD, ma'ana kowane Yuro ɗaya a kan Dala 1.0960. Wurin da aka rubuta We sell ma daidai yake, don da bakin banki ake rubuta takardar, su ne masu sayar da Yuro, ni mai saye. Farashi ma bai motsa ba. Da na zo kan adadi sai na ga 200,000 ɗin nan zaune daram, amma a gaban USD. A gaban EUR kuwa 182,481.75.

Mai duba takarda a gurguje ba zai taɓa kama wannan ba, don lambar da idonsa yake nema tana nan, kuma lissafin bai karye ba: ka raba 200,000 da 1.0960, abin da zai ba ka ke nan. Amma ni Yuro na tsayar, ba Dala ba. Abin da ya kamata a rubuta shi ne in karɓi Yuro 200,000, in biya Dala 219,200. Da na sa hannu a yadda ta zo, da ranar biya na tarar da giɓin Yuro 17,518.25, in tafi in saye shi a duk farashin da kasuwa ta wayi gari da shi. To ina amfanin yarjejeniyar, tunda gudun hakan ne ya kai ni wurinsu?

Na kira. Wadda ta ɗauka ta ce, “Ranka ya daɗe, abin da dillali ya shigar shi na'ura take fitarwa.” Na ce ai shi ya sa na kira, a saurari muryar da aka naɗa. A nan dai dole in yaba musu: suna naɗar wayar ɗakin ciniki, kuma ba su yi gardama ba. Washegari suka soke ta farko, suka fitar da sabuwa a kan 1.0960 ɗin da muka yi, ba su ce kasuwa ta motsa sai an sake ciniki ba. Na ce madalla, kuskure kowa na yi.

Sai kuma ga ranar biya. Value Date: 14 ga Yuni, a tsohuwar takardar da sabuwar duka, alhali a saƙon da na tura musu na ja layi a ƙarƙashin 12 ga Yuni. Na san inda 14 ta fito. Cinikin Yuro da Dala na nan take ana kammala shi ne bayan kwana biyu na aiki, wato Alhamis 14 ga Maris, kuma daga nan ake ƙirga wata uku, ba daga ranar da aka yi waya ba. Dillalin ya danna wa'adin wata uku na yau da kullum ke nan, bai shigar da ranar da na faɗa masa da bakina ba. Kuɗin da zai iso 14 ba zai biya bashin 12 ba. Abin da ya fi ɓata min rai, mutum ya saurari muryar nan don gyara adadi, ya ji na ce sha biyu ga wata, ya wuce abinsa.

Takarda ta uku ce ta zo daidai. Rage kwana biyun ya sauke maki ɗaya, farashi ya koma 1.0959, Dalar da zan biya ta zama 219,180. Rangwamen Dala 20 ke nan, ko ladan ciwon kan bai kai ba.

Farashinsu ba shi da laifi, shi ya sa ban tashi daga wurinsu ba. Amma har yau babu wanda ya kira ya ce min a yi haƙuri, kuma a ƙasan kowace takarda suna rubuta cewa wanda bai yi ƙorafi cikin ɗan wa'adin da suka ɗiba ba, za a ɗauka ya amince da abin da ke ciki.