Tutoriyal ɗin tamodainamiks: Malam ya iya, handawut ɗinsa ne matsala

Na biya kuɗin wannan tutoriyal ne saboda abu ɗaya, wato matse iska a silinda, abin da ake kira folitirofik. Tun a aji nake haddace PV^n = C ba tare da na san abin da n ɗin yake nufi ba.

Ranar farko kam na ji kuɗina sun halatta. Malam ya shigo da famfon keke, ya toshe bakinsa da yatsa, ya danna sau goma da sauri, ya ce mu taɓa gindinsa. Da ɗumi. Ya ce in ka danna a hankali har duk zafin da ya taru ya samu fita ta jikin ƙarfen, n ɗinka 1 ne. In ka danna da saurin da zafi bai samu hanyar fita ba ko kaɗan, n ya kai 1.4, don iska ke nan. Kwamfuresa ta gaske tana tsakanin biyun. Wallahi shekara guda ina karatu ba wanda ya taɓa faɗa mini haka.

Sai muka zo tambaya ta huɗu a handawut. Iska ce a silinda, matsinta 100 kPa, ta cika 0.06 m³, zafinta 300 K. Fistin ya matse ta zuwa 0.01 m³, matsin ya hau 1027 kPa. A nemo n, da aikin da aka yi, da zafin da ya shiga ko ya fita.

Na farkon ba wuya: n = ln(P2/P1) / ln(V1/V2). Ka raba ln 10.27 da ln 6, ka samu 1.3. Aikin kuma W = (P2V2 − P1V1) / (1 − n), wato 10.27 a cire 6, a raba da −0.3, ya ba da −14.2 kJ. Alamar cirewar nan ba kuskure ba ce, tana nuna fistin ne ya yi wa iskar aiki. Har nan ni da handawut muna tare.

A wajen zafin ne muka rabu. Nauyin iskar 0.0697 kg ne, kuma ta tashi daga 300 K zuwa wajen 513 K. Na yi ΔU = m·cv·(T2 − T1) da cv = 0.718, na samu 10.7 kJ. Da na haɗa a Q = ΔU + W sai ga −3.5 kJ. Amsar handawut kuwa +0.7 kJ. Dare biyu ina danna kalkuleta da fitilar waya, ina zargin kaina, har na fara tunanin ko injiniya ba rabona ba ce. A dare na uku na gwada saka 1.005 a madadin 0.718, sai ga +0.7 ɗin ta fito cas. Ashe wanda ya warware tambayar cp ya ɗauka maimakon cv. Silinda a rufe take, iska ba ta shiga ba ta fita, saboda haka canjin makamashin cikinta da cv ake lissafa shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, darasin famfon keken nan kaɗai ya isa ya tona kuskuren. Tunda n ya tsaya a 1.3, bai kai 1.4 ba, dole zafi fita ya yi. Ta yaya iskar da ta haura digiri 200 za ta ja zafi daga ɗakin da muke zaune? Akwai ma gajeriyar hanyar dubawa: Q = W(γ − n)/(γ − 1), inda γ shi ne 1.4 ɗin nan na iska. A nan 0.1 bisa 0.4 kwata ne, kwatan 14.2 kuwa kusan 3.5 ne.

Na kai wa Malam takardar bayan darasi, na ce, "Malam, don Allah a duba mini wannan." Ya kalla bai fi minti ɗaya ba, ya ce, "Kai ne daidai, ɗan'uwa. Ba ni na buga ba, wani yaro na ba." Ya yi alkawarin gyarawa. Na ji daɗin yadda bai yi musu ba, har na ce a raina zan ba shi tauraro huɗu.

Mako uku ke nan yanzu. Jiya na ga wata 'yar ajinmu tana haddace +0.7 ɗin nan daga sabon kwafin da ta saya, shafi ɗaya, kuskure ɗaya. Tauraro uku na bayar, kuma biyu daga ciki na famfon keke ne. Wanda zai shiga ya je ya saurari Malam, amma tambaya ta huɗu ya warware ta da hannunsa. Ni yanzu ta shida nake bi, don ita ma amsarta ba ta kwanta mini ba.