Jirgin Abuja da jirgin Jidda: ƙarfe nawa za a isa filin Malam Aminu Kano?

"Jama'a, ranar Talata ina da jirgin Abuja ƙarfe 10 na safe, ranar Juma'a kuma zan raka Hajiyarmu Umara, jirginmu 2:30 na rana. A Kabuga nake. Ƙarfe nawa ya kamata in kasance a filin jirgi kowace rana?"

Malam, Allah ya sa a je a sa'a, ya karɓi ibadar Hajiya. Lokacin da ke jikin tikiti na tashin jirgi ne, ba da shi ake lissafi ba. Da lokacin rufe kanta ake yi, wato inda ake auna kaya a ba ka katin shiga jirgi. A jiragen cikin gida yawanci ana rufewa saura minti 45 ko kusa da haka, a na ƙasashen waje kuma saura awa ɗaya. In an rufe, ko jirgin yana nan tsaye kana hangensa, ka rasa shi.

Na Abuja ba shi da wahala. Tikiti, katin shaida mai hoto, awon kaya, sai binciken jami'an tsaro, shi ke nan. Kanta za ta rufe wajen 9:15, don haka ka isa 8:00, ko 8:30 in jakar hannu kawai gare ka. Daga Kabuga a wannan lokacin za ka haɗu da masu kai yara makaranta da 'yan adaidaita sahu, saboda haka 7:15 ta yi maka a mota.

Na Jidda kuwa wani abu ne daban, domin layi ba ɗaya ba ne. Tun kafin ka kai kanta za a iya buɗe akwatunanku: kwastam za su duba, jami'an hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi su ma haka. A kanta ma'aikacin jirgi zai duba biza, ya tabbatar fasfo yana da sauran wata shida aƙalla. Daga nan sai jami'an lafiya da katin rigakafi, sai shige da fice su buga hatimi, sannan binciken ƙarshe. Kowane ɗaya minti goma zuwa ashirin ne in babu jama'a, to amma jirgin Umara babba ne, ɗaruruwan mutane yake ɗauka, da yawansu dattawa ne da ba su taɓa fita ba. Awa uku da ake faɗa ita ce mafi ƙaranci. Ni in da tsohuwa a tafiyar, awa huɗu nake bayarwa. Ke nan 10:30 ku kasance a ciki.

Juma'ar ma tana da nata. Da an doshi ƙarfe 12 hanyoyin da ke kusa da masallatan Juma'a, irin na Fagge, sai a fara tare su, titin Katsina kuma dama ba ya rabo da cunkoso. Ku bar gida 9:30, a yi bankwana da 'yan rakiya a gida, don ba za a bar su su shiga ba, sai dai su ƙara muku tsayuwa a bakin ƙofa.

Abin da na fi ganin yana cinye lokaci shi ne kaya. Kamfanoni da yawa kilo 23 suke yarda a kowace akwati, amma duba tikitinku. In ta haura, ko ka biya a wani layin, ko ka tsuguna kana kwashe garin kunu da yaji daga wannan jaka zuwa waccan. A auna a gida. Kada goro ya shiga kayan Hajiya ko da saƙon wani ne, Saudiyya ta hana. Maganin hawan jini ko na suga ya zauna a kwalinsa tare da takardar likita. Man shafawa ko turaren da ya wuce mililita 100 a sa shi a babbar akwati, batirin cajin waya kuma a jakar hannu. In ƙafa tana damun Hajiya, a nemi keken guragu wajen kamfanin kwana biyu kafin tafiya.

Lokacin hazo, daga Disamba zuwa Fabrairu, jiragen Kano sukan yi jinkiri, wani lokaci ma a soke. Wannan ba dalilin makara ba ne, domin sau da yawa kanta tana rufewa a kan lokacinta na asali. Abin yi shi ne duba saƙon waya da imel tun ana gobe tafiya da dare, don kamfanonin cikin gida sukan sauya lokaci, har su sa jirgi ya tashi kafin lokacin da ke tikiti. Goman ƙarshe ta azumi da lokacin jigilar alhazai kuwa, ƙara awa guda a kan duk abin da na faɗa.

In ejan ya sauya muku zuwa jirgin dare, kula da kwanan wata. Tikitin da aka rubuta 01:30 ranar Asabar, ranar Juma'a da dare za ku fita, 9:30 ta same ku a filin jirgi.