Shekarar share fage, difloma ko shiga kai tsaye: wacce za ka zaɓa wa ɗanka?

Duk wanda ya zo mini da takardun tayin makaranta yana neman shawara, abin da nake fara dubawa shi ne ƙarshen hanya: ina za ta sauke yaron, kuma da wane sharaɗi. Zan yi magana a kan Birtaniya, domin a can ne hanyoyin nan uku suka fi fitowa fili.

Asalin matsalar lissafin shekaru ne. Ɗalibi a Ingila yana yin shekara 13 a makaranta, biyun ƙarshe na A-level ne, shi ya sa digirinsu shekara 3 ne kawai. Wanda ya fito daga ƙasar da ake yin shekara 12 yana da giɓi, kuma giɓin nan ake sayar masa da magani.

Shiga kai tsaye ba ta da dogon bayani. In yaro yana da A-level ko IB, wato takardar kammala sakandare ta ƙasa da ƙasa, da sakamako mai kyau, sai ya nema ta UCAS, cibiyar da ake bi wajen neman gurbi a jami'o'in Birtaniya, inda zai iya zaɓar kwas 5. Ita ce mafi arha kuma mafi 'yanci. In ba shi da su, yawancin jami'o'i ba za su buɗe masa wannan ƙofar ba.

Shekarar share fage ƙari ce a kan digiri: 1 da 3, shekara 4 ke nan. Difloma kuwa tana tsayawa ne a madadin shekarar farko ta jami'a, in an ci sai a wuce aji 2, a gama cikin shekara 3. A takarda difloma ta fi jan hankali, tun da an rage kuɗin makaranta da na haya na shekara guda cif. Amma a yi hattara, gaggawa aikin shaiɗan ce.

Mu ɗauki misalin yarinya mai son injiniyanci, lissafinta na sakandare mai kyau ne amma ba ta yi nisa a kalkulas ba. In ta bi difloma, cikin watanni kaɗan za a ɗura mata karatun ajin farko haɗe da Turancin rubutun jami'a. Ranar da ta shiga aji 2, za ta tarar da 'yan ajin sun san juna, sun san malamai, sun saba da ɗakin gwaji, kuma a jami'o'in Ingila da yawa daga wannan ajin ake fara ƙirga makin da zai fitar da darajar digiri. Ba ta da shekarar tuntuɓe. Irin wannan yarinya share fage nake zaɓa mata, zuciyata ɗaya. Difloma ta dace da wanda ya riga ya ɗanɗana karatun gaba da sakandare, ko wanda A-level ɗinsa ya gaza da kaɗan, kuma ya tabbatar da kwas ɗin da yake so. Kwasa-kwasan difloma ma ba su da yawa, galibi kasuwanci ne da kwamfuta da injiniyanci.

Inda iyaye suka fi shan wahala shi ne kalmar "tabbacin wucewa". Sau da yawa ba jami'ar ce ke koyarwa ba, kamfani ne mai yarjejeniya da ita, ko da ajin yana cikin harabarta. Tabbacin kuma yana da sharaɗi. A ce takarda ta nemi kashi 60 a jimilla da kashi 65 a lissafi, yarinyar nan ta samu 68 a jimilla amma 62 a lissafi. Ta ci shekarar, ta rasa kwas ɗin. Sai a miƙa mata wani kwas da ba ta taɓa mafarkinsa ba, ko wata jami'a. Abin yana ci mini rai, domin tun farko a rubuce yake, ba a karanta ba ne.

Saboda haka kafin a biya ko sisi, a nemi amsa a rubuce: makin kowane darasi nawa ake bukata, ana ba da damar sake jarrabawa, kuma waɗanne jami'o'i ne suke karɓar takardar in wannan ta ƙi? Share fagen da aka ɗaure da jami'a guda ba lallai ya yi aiki a wata ba, saɓanin irin na NCUK, wata haɗakar jami'o'i, wanda jami'o'i da dama suke karɓa.

A duba biza ma. Share fage mai zaman kansa yana ƙasa da matakin digiri, don haka yawanci jarrabawar Turanci da hukumar biza ta amince da ita ake nema, kamar IELTS for UKVI, IELTS na gama-gari ba zai wadatar ba. A tambaya kuma ko lambar CAS, wato lambar tabbacin gurbi da makaranta ke bayarwa don neman biza, guda ce ta haɗe share fage da digiri. In biyu ce, a ƙarshen shekarar farko sai an sake neman biza, an sake nuna kuɗi a asusu.