Shagon da ke rubuta wa malamai shirin darasi: abin da muka biya, da abin da aka ba mu

Akwai wani shago kusa da kwalejin horar da malamai ta garinmu, inda ake buga takardu, ake kuma rubuta wa malamai da ɗalibai masu koyon aikin koyarwa shirin darasi. Ka tura saƙo ta waya, ka biya, kafin magariba aikinka ya fito. Makarantarmu ta gwada su a wannan zangon, kuma tunda ni ke duba littattafan shirin darasi duk Litinin in sa hannu, na ga aikinsu ciki da waje.

Sabuwar malamarmu ce ta fara tura musu saƙo. Ga abin da ta rubuta, ba ƙari ba ragi: "Salam, don Allah a yi mini shirin darasi a kan ruwa." Yaron da ke kan kwamfuta ya amsa da "to Malama", ya faɗi kuɗi, shi ke nan. Bai tambaye ta komai ba.

Takardar da ta iso shafi uku ce, an buga ta tsaf, kowane sashe na nan: manufa, abin da ɗalibai suka riga suka sani, kayan koyarwa, gabatarwa, matakai, auna fahimta, aikin gida. Wanda ya kalle ta daga nesa zai ce kuɗi sun yi aiki. Sai dai darasin kimiyyar sinadarai ne na babbar sakandare, a kan dalilin da ke hana sabulu kumfa a ruwan wasu rijiyoyi, da bambancin wanda tafasawa ke gyarawa da wanda sai an sa masa sinadari. Har da Ca(HCO3)2 a rubuce a mataki na biyu. Lokacin da aka ware minti 80 ne. Kayan aikin kuwa kwalaben gwaji da murhun gas na ɗakin kimiyya. Ita kuwa malamar aji huɗu na firamare take koyarwa, darasinta minti 35, ɗakin kimiyyarmu kuma shi ne inuwar darbejiyar da ke tsakar makaranta.

Ba zan ce yaron ya yi ƙarya ba, ai a kan ruwa ya rubuta. Matsalar ita ce ruwa batu ne kawai, kuma yana zaune a darussa da yawa. A kimiyyar firamare, maganarsa ita ce inda ake samunsa da yadda ake tsabtace shi. A darasin lafiya, cututtukan da yake ɗauka, irin su amai da gudawa. Da malamin fiƙihunmu na sashen Islamiyya ne ya tura wannan saƙo, abin da zai sa rai ya gani shi ne ruwan da ya halatta a yi tsarki da shi, da wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa ya sauya. Mai rubutu da ba a gaya wa darasi ba dole ya yi canke, kuma yawanci abin da ke ajiye a kwamfutarsa zai canka. A nan ne na ga laifin shagon. Saƙon ya zo a gajarce, gaskiya ne, amma tela ba ya yanka yadi bai auna mai riga ba. Wanda ya mayar da wannan aiki sana'a shi ya fi cancanta ya san abin da ba a faɗa ba.

Da muka koma, mun tarar da mai shagon da kansa, wani dattijo da ya yi shekaru yana hedimasta kafin ya yi ritaya. Ya karanta saƙon, ya karanta takardar, ya harari yaron, sannan ya juya ga malamar.

"'Yata, aji nawa ne?"

"Aji huɗu, Baba. Kimiyya."

"Minti nawa? Kuma wane lokaci ne, da safe ko bayan tara?"

Wannan tambaya ta ƙarshe ta burge ni. Darasin da ya biyo bayan hutun tara ba ya cika minti 35 ɗinsa, don kafin yara su shigo su nutsu minti 5 sun tafi. Ya tambayi yawan yaran, ta ce sun haura 60. Ya tambayi abin da aka koya musu a makon jiya, ta ce inda ake samun ruwa. Sai ya ce ta lissafa abin da za ta iya kawowa ba tare da ta roƙi kuɗi a ofis ba. Ta lissafo gorunan roba, yashi, tsakuwa, gawayi, farin ƙyalle da alif.

Shirin da ya fito daga nan shafi ɗaya da rabi ne, kuma a kan minti 30 ya gina shi. Manufa biyu kawai ya sa: yaro ya iya faɗin hanyoyi uku na tsabtace ruwa, ya kuma iya jera kayan tacewa a cikin gora. Minti 4 na farko, malama ta ɗaga gorar ruwan kududdufi ta tambayi wa zai sha, daga nan ta ɗauro da darasin makon jiya. Minti 6 na tacewa da ƙyalle da nuna aikin alif. Minti 12 na gorar da aka yanke gindinta aka kifa: ƙyalle a baki, sai gawayi, sai yashi, tsakuwa a sama. Sauran minti 8 tambayoyi ne da kwafar layi huɗu daga allo. Saboda yawan yaran bai raba su rukuni-rukuni ba, ya ce a yi gwaji ɗaya a kan tebur, a riƙa kiran yaro ɗaya daga kowane layi yana zuba kaya.

A gefen takardar ya ƙara abubuwa da biro. A sa alif a wata gora tun kafin hutu, domin laka ba ta kwanciya a minti biyar; a aji sai a nuna wadda ta kwanta kusa da wadda ba a sa wa komai ba. A wanke gawayi da yashi tun a gida, in ba haka ba ruwan da zai ɗigo ya fi wanda aka zuba baƙi, yara su yi ta dariya. Ya kuma ja layi biyu ƙarƙashin cewa kada kowa ya sha ruwan da aka tace, don tacewa datti take cirewa, ƙwayoyin cuta kuwa sai an tafasa.

Na zauna a bayan aji ranar da ta koyar. An kaɗa ƙararrawa tana kan tambaya ta ƙarshe. Aibi ɗaya na gani: tambayoyin auna fahimta da Turanci mai ɗan nauyi aka rubuta su, sai da ta riƙa juya su zuwa Hausa. Harshen da ake magana da shi a aji shi ne abin da ko dattijon bai tambaya ba.

Ba su karɓi kuɗin gyara ba, wannan na yaba. Amma aikin shagon ya danganta da wanda ka tarar a kujera, kuma Baba ba kullum yake zama ba. Za mu ci gaba da kai musu aiki, da sharaɗin da na kafa wa malamanmu: duk saƙon da za a tura ya ɗauki aji, darasi, batu, minti, yawan yara, abin da aka koya a baya da kayan da ke hannu, in kuma takarda ta dawo, a fara duba layin lokaci da na kayan koyarwa kafin a tura kuɗi.