Liyari ne ko tsohuwar dalar Faransa? Yadda za a bambance su daga hoto

"Salamu alaikum ƴan'uwa. Daga Tawa nake. Mun samu wannan kuɗin cikin kayan marigayiya kakarmu, yana da ɗan zobe a sama, da alama ratayawa take yi a wuya. Wani ya ce min na 1780 ne, zai yi miliyoyi. Wani kuma ya ce dalar Faransa ce kawai. Ga hoto, don Allah a duba min."

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan kaka, ya sa ta huta.

Na buɗe hoton na ƙara girmansa. Fuska ɗaya kika ɗauka, kuma ta suɗe sosai, amma abin da ya rage ya isa a fara magana. Manyan kuɗin azurfa iri biyu ne suka fi yawo a ƙasarmu, su ne kuma mata suka riƙa mayarwa abin wuya: liyari, wato kuɗin sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya, da tsohon faran biyar na Faransa, wanda har yau muke kiran faran biyar da sunansa, dala. Idan sun suɗe sukan rikita mutum, musamman dalar zamanin sarki Louis-Philippe, daga 1830 zuwa 1848, domin shi ma fuskarsa dama take kallo kamar ta sarauniyar.

Ki fara da inda hoton mutumin ya tsaya. A dalar Louis-Philippe kai ne kawai, an yanke shi a wuya, galibi da ganye a gashi. A liyari kuwa har kafaɗa da ƙirji, mace ce mai jiki da mayafi ya sauko bayan kai. Naki yana da kafaɗa, ya cika ƙasan kuɗin. A gefe kuma ina iya karanta HU da BO, ƙarƙashin kafaɗar akwai ƙananan haruffa biyu, S.F. Cikakken rubutun liyari shi ne M. THERESIA D. G. R. IMP. HU. BO. REG., Latin ne a taƙaice, ƙarshensa na nufin sarauniyar Hungari da Bohemiya. Da dala ce, da LOUIS PHILIPPE I ROI DES FRANÇAIS za ki gani, Faransanci sak wanda duk wanda ya yi lakkwal zai karanta. Saboda haka wanda ya ce miki dalar Faransa ce bai duba da kyau ba. Juya bayan zai ƙarasa zancen: liyari gaggafa ce mai kai biyu ta buɗe fukafukai, dala kuwa 5 FRANCS da shekara a tsakiyar zagayen ganye.

To amma mai zancen miliyoyi ma ba daidai yake ba, kuma nan nake so ki natsu. A dala, shekarar da aka rubuta ita ce shekarar bugu. Idan kin ga 1847, a 1847 aka buga ta, har da harafin garin da aka yi aikin: A na Paris, K na Bordeaux, BB na Strasbourg. Liyari ba haka yake ba. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma ƴan kasuwar Larabawa da na Afirka sun saba da kuɗinta, ba su yarda da wani ba, sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar ba a canza ba. An buga a Vienna, daga baya an buga a Roma, London, Paris, Brussels har da Bombay, kuma har yanzu Vienna na bugawa. Miliyoyi masu ɗimbin yawa ne ke ɗauke da 1780. Wanda ya fito daga injin shekara hamsin da suka wuce, da wanda ayari ya tsallako da shi hamada tun kafin zuwan Nasara, lamba ɗaya ce a jikinsu. Kusan kowane liyari da za ki samu a akwatin tsohuwa irin wannan sake bugun ne. Ba jabu ba ne, amma kuɗinsa yana bin azurfar da ke cikinsa.

Abin da ya rage shi ne a san ko azurfa ce, kuma a nan hoto ba ya da ƙarfi sosai, don farin ƙarfe da tagullar da aka shafa wa ruwan azurfa duk fari suke fitowa a waya. Girma da nauyi ne ke magana. Dala faɗinta milimita 37, nauyinta giram 25, azurfarta kashi 900 cikin 1000. Liyari ya ɗan fi ta, wajen milimita 40, giram 28, amma azurfarsa kashi 833 ce. Idan aka lissafa, liyari na da kusan giram 23 da rabi na tsantsar azurfa, dala giram 22 da rabi, ka ga bambancin bai taka kara ya karya ba. Ki sake ɗaukar hoto da dala ashirin ta sefa a gefensa, a shimfiɗe kan farar takarda, wayar daidai sama ba a karkace ba. Faɗin dala ashirin milimita 26 ne, liyari zai yi kamar ɗaya da rabi nata da ɗan ƙari, dalar Faransa ba za ta kai ɗaya da rabi ba. Sannan ki kai shi wajen maƙerin azurfa ya ɗora kan ƙaramin sikelinsa. Zoben da aka liƙa zai ƙara kaɗan, suɗewa ta rage kaɗan, don haka giram 27 zuwa 29 ba abin damuwa ba ne. Idan kuwa faɗin ya kai amma sikeli ya nuna 22 ko 23, to ba azurfa ba ce. Mayen ƙarfe ba ya kama azurfa, sai dai tagulla ma ba ya kama ta, don haka idan bai kama ba kada ki ce an gama.

Wurin da ni na fi yarda da shi shi ne bakin kuɗin, kaurin nan na gefe da kowa ke mantawa bai ɗauka ba. Dukansu biyu suna da rubutu a wurin. Na dala DIEU PROTEGE LA FRANCE. Na liyari IUSTITIA ET CLEMENTIA, haruffan sun taso, da ƴan ado tsakanin kalmomin. Wanda ya narka ƙarfe ya zuba a mazubi yana iya kwaikwayon fuska da baya, amma baki yakan tona shi: ko ya fito sumul ba rubutu, ko ki ga siririn layi ya zagaye inda rabi biyu na mazubin suka haɗu, ko alamar an goge layin da magagari. Na taɓa riƙe wani a nan Yamai, fuskarsa kyakkyawa, amma da na sa shi a hasken taga sai ga ƙananan ramuka kamar na allura a fili kusa da hancin sarauniyar, haruffan kuma sun yi kumburi kamar an yi su da kakin zuma. Zubi ne. Suɗewar gaskiya santsi take yi a wuraren da suka taso, kunci da kafaɗa, ta bar lungunan haruffa da kaifinsu. A hotonki irin wannan suɗewar nake gani, kuma hakan ya kwantar min da hankali.

Don Allah kada ki goge shi da toka ko lemun tsami don ya yi kyau a hoto. Baƙin da ya kwanta cikin lungunan shi ke fito da haruffa, gogewa kuma karce take bari. Kada a cire zoben, tabon liƙin ba zai ɓace ba, kuma shi ne shaidar cewa kaka ta rataya shi.

Ki turo min hoton bayan, da na bakin a wurare biyu ko uku kina juya shi tsakanin yatsu kusa da taga, da wanda dala ashirin ke gefe, sai abin da sikelin maƙeri ya nuna.