Ruwan liƙe taya: ya fisshe ni a hanya, ya bar wa mai faci aiki

Motar da nake hawa ba ta zo da safayar taya ba. Abin da aka ajiye a gurbinta shi ne ƙaramin famfo mai aiki da lantarkin mota, da kwalbar wani farin ruwa mai kauri kamar madara, wanda aka haɗa da ruwan roba. Kusan shekara 2 ban taɓa shi ba, sai wani dare da tayar baya ta hagu ta kwashi ƙusa.

Na yi sa'a ƙusar ta shiga ne a tsakiyar taya, wurin da ke taka ƙasa, kuma siririya ce. Takardar kayan ta ce ruwan yana toshe hujin da bai wuce milimita 4 ba, kuma kada a zare ƙusar. Na ɗaura kwalbar a jikin famfon, na haɗa tiyo da bawul, na tada mota, na kunna. Da farko geji ya yi tsalle sama har na tsorata, ashe ruwan ne ke wucewa ta bawul. Bayan ya sauko sai ya fara nuna iskar gaskiya, cikin minti 8 ta kai 2.2 a ma'aunin ƙarfin iska da ake kira bar.

Aikin bai ƙare a nan ba, domin ruwan ba ya liƙewa mota na tsaye. Sai taya ta juya ya zagaye cikinta, iskar da ke neman fita ta tura shi cikin hujin ya daskare. Na yi tafiyar minti 10 ban wuce gudun kilomita 80 ba, na tsaya na sake aunawa, na ga 2.0. Na ƙara iska na wuce. Idan ta faɗi ƙasa da 1.3, takardar ta ce a ajiye mota kawai, hujin ya fi ƙarfin ruwan. Haka nan idan gefen taya ne ya yage, ko rim ya lotse, ɓarnar kwalba kawai za ka yi.

Kuskurena shi ne da na ga taya ta riƙe iska, sai na yi kwana 9 ina yawo a kanta. A gudun 70 sitiyari lafiya lau, amma kujera tana ɗan karkarwa. Ruwan da ya rage ne ya taru gefe guda ya ɓata daidaiton tayar.

Da na je wurin mai faci ma ban gaya masa komai ba, na manta. Yana ɓanɓare taya daga rim sai ruwan ya kwararo masa a hannu da kan injin. Ya ɗago ya dube ni.

"Haba maigida, ai sai ka faɗa min ka zuba mata magani."

Na ba shi haƙuri, na tsaya ina kallo, a nan na gane dalilin da ya sa masu faci ba sa ƙaunar abin nan. Gam ɗin faci ba ya kama wuri mai danshi ko santsi. Sai da ya kwashe ruwan, ya wanke cikin tayar, ya ɓare inda ya bushe kamar fata, ya jira ta bushe, sannan ya kankare gefen hujin ya manna faci ta ciki. Aikin minti 20 ya cinye fiye da awa ɗaya. Ya ce sa'ata ƙusar tana nan, don idan mai mota ya zare ta ruwan ya rufe wurin, ko an tsoma taya a ruwa ba kumfar da za ta nuna hujin, sai dai a yi ta lalube.

Bawul ya toshe, an canza ƙwayar cikinsa. Na'urar auna iska da ke maƙale a bayan bawul ita ma ta lulluɓe, ya goge ta a hankali don kada ƙaramar kafarta ta cushe. Ya nuna min bakin rim inda fenti ya ɗan ɗaye, ya ce irin wurin nan ne danshin ke ci idan an bar shi watanni.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne maganarsa kan irin na gwangwanin feshi. Wasu daga cikinsu da iskar gas mai kama wuta suke hura taya. Idan bai sani ba ya cusa ƙarfen goge huji ya haɗu da wayoyin cikin taya, tartsatsi ɗaya ya isa. Shi ya sa yake fara sace iskar gaba ɗaya idan ya ji wari.

Na sayi sabuwar kwalba, don sau ɗaya ake amfani da ita, kuma wannan karon na duba ranar lalacewarta a jiki. Tsohuwar da ta cece ni saura mata wata 3 ne kawai.