Hoton rini ko leƙen ciki: wanne ya fi gano toshewar bututun mahaifa?

Bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa yakan toshe bayan ciwon sanyi da ba a magance ba. A Gombe, in ana zargin toshewar, likita yakan fara tura mace hoton rini. Bayan al'ada ta ɗauke, kafin rana ta 10 daga ranar da ta fara zuwa, ana ɗura rinin ta bakin mahaifa a ɗauki hoto. In ya tsiyaye cikin mara, hanya a buɗe take. Matsalarsa, wani lokaci bututun kan tsuke saboda zafi, sai ya yi kamar ya toshe.

Leƙen ciki kuwa sai an sa mace barci, an huda cibiya an zura kyamara. Ya fi tsada, amma yana nuna tabon da ya manne bututun daga waje. Ni dai da hoton zan fara.